Wai da gaske ƙwai na ƙara kolestarol a jini?

Tambaya: Salam likita. Shekaruna 34, ba ni da hawan jini ba ni da suga, ina ɗan motsa jiki, amma kusan kullum da safe sai na ci dafaffen ƙwai biyu, to yayata ta sa ni gaba wai ƙwai ne ke toshe jijiyoyin zuciya, har ta ce in dinga zubar da gwaiduwar ina cin farin kawai. Da gaske ne ko tsorata ni take yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Maganar yayarka tana da tushe fa, don likitoci ma sun daɗe suna faɗin haka, tun 1968 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar kada a wuce gwaiduwa 3 a sati. Kuma gaskiya ne babban ƙwai ɗaya yana da kolestarol, wani nau'in kitse da in ya yi yawa a jini yake iya toshe jijiyoyi, wajen miligiram 186, duk a cikin gwaiduwa yake, farin ba shi da ko kaɗan.

Sai dai abin da mutane ba su gane ba, mafi yawan kolestarol ɗin da ke yawo a jininka ba daga abinci ya zo ba, jikinka ne da kansa ke haɗa shi, musamman hanta, don yana buƙatarsa wajen gina ƙwayoyin halitta da haɗa bitamin D da ruwan matsarmama. In ka ci da yawa sai hantar ta ɗan rage nata, hanji ma ba duka yake tsotsewa ba, shi ya sa mafi yawan masu lafiya in sun ci ƙwai kolestarol ɗin jininsu ɗan motsawa kawai yake yi. A 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a rana daga ƙa'idojinta na abinci, duk da dai sun ce a ci gaba da takatsantsan.

Tambaya: To kenan ba ya ƙarawa kwata-kwata?

Amsa: A'a ban ce haka ba. Yana ƙarawa kaɗan, kuma jiki ya bambanta. Akwai mutanen da LDL ɗinsu, wanda ake kira mugun kolestarol, ke tashi sosai in sun yawaita ƙwai, sau da yawa HDL mai kyaun ma yana tashi tare, kuma ba za ka gane kana cikinsu da ido ba, siriri ma na iya kasancewa. Binciken ma bai zama baki ɗaya ba: wani babban bincike na jami'ar Harvard a 1999 bai ga ƙarin ciwon zuciya ga masu lafiya da ke cin har ƙwai 1 a rana ba, amma wani da ya fito a 2019 ya ga alaƙa tsakanin yawan cin ƙwai da ciwon zuciya. Irin waɗannan binciken tambayar mutane ake yi me suke ci, wa ke iya tuna abin da ya ci watan jiya fisabilillahi, kuma ganin alaƙa bai nuna ƙwan ne ya jawo ba.

Ni abin da na fi dubawa shi ne me ake ci tare da ƙwan. Kitse mai daskarewa irin na man shanu da nama mai maiƙo da naman da aka sarrafa ya fi ƙwai tada LDL nesa ba kusa ba, ƙwai ɗaya giram 1.5 kawai yake da shi na irin wannan kitsen. Mutum zai soya ƙwai cikin man shanu ya haɗa da soyayyen nama, in gwaji ya fito ba kyau sai a ɗora wa ƙwai laifi.

Tambaya: To biyun nan da nake ci fa, in rage? Gwaiduwar kuma?

Amsa: Ɗaya a rana shi ne inda aka fi samun natsuwa ga mai lafiya. Biyu kullum ya ɗan haura, ba zan ce haɗari ne ba tunda dafaffe kake ci, amma ka je a yi maka gwajin kitsen jini, in LDL ɗin na daidai ka ci gaba, in ya hau ka rage na wata 2 zuwa 3 a sake aunawa ka ga ko ƙwan ne. Gwaiduwa kam asara ce zubar da ita, nan bitamin A da D da B12 suke, har kusan rabin furotin ɗin ƙwan.

Amma duk wannan na mai lafiya ne. Mai ciwon suga, ko wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko wanda yawan kolestarol gado ne a gidansu, likitansa ne zai yanka masa adadi. Ka tambayi yayar taka ko akwai wanda ciwon zuciya ya kama da ƙuruciya a danginku, in akwai kada ka ɗaga gwajin nan.