Gaskiya ko Ƙarya: Takardar Bitar Tarihi da Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, Ajin SS2

Wannan takarda ta ɗaliban SS2 ce da aka zaɓa su wakilci makarantarmu ta Tudun Wada a gasar kacici-kacici ta zangon nan. Ku rufe amsar da hannu ko da littafi, ku karanta maganar, ku yanke hukunci, sannan ku faɗi dalili kafin ku duba nawa. Wanda ya ce "ƙarya" bai kawo hujja ba, rabin maki zan ba shi ranar Alhamis, domin mai canki-canka ma yana iya dacewa. Ku lura da kalmomi irin "farko", "kaɗai", "duk" da "tun": yawancin tarkon a nan yake.

KASHI NA ƊAYA: KAFIN ZUWAN TURAWA

1. Kebbi da Zamfara suna cikin Hausa Bakwai.
Ƙarya. Bakwai ɗin su ne Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

2. Mutum-mutumin yumɓu na Nok sun samo sunansu daga wani ƙauye da ke cikin Jihar Kaduna ta yau.
Gaskiya. Ƙauyen Nok yana Ƙaramar Hukumar Jaba, kuma masu haƙar kuza ne suka fara tono su a yankin.

3. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rayu har ya ga faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir.
Gaskiya. An ci Alƙalawa a 1808, Shehu kuwa ya rasu a 1817.

4. Bayan rasuwar Shehu, ƙaninsa Abdullahi ne ya zama Sarkin Musulmi a Sakkwato.
Ƙarya. Ɗansa Muhammadu Bello aka naɗa. Abdullahi ya riƙe ɓangaren yamma daga Gwandu.

5. Sarautar Zazzau tun bayan jihadi a gida ɗaya take.
Ƙarya. Gidaje huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa.

6. Asalin masarautar Suleja daga Zazzau yake.
Gaskiya. Sarkin Haɓe Makau ya bar Zariya ya yi kudu lokacin jihadi, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wanda ya koma Suleja da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birnin ƙasa.

KASHI NA BIYU: GARINMU DA JIHARMU

A nan na fi tsawaitawa, kuma da gangan. Abin kunya ne yaron da ke wuce Lugard Hall kullum a cikin Keke Napep ya kasa faɗin abin da ake yi a ciki, alhali ya haddace sunayen shugabannin ƙasashen da bai taɓa gani ba. Masu shirya gasa kuma sun san haka, shi ya sa suke son tambayoyin gida.

7. Kaduna ce hedikwatar farko ta mulkin Turawa a Arewa.
Ƙarya. Lakwaja da Zungeru sun riga ta. Sai a 1917 aka dawo da hedikwatar Kaduna.

8. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a shekara ɗaya.
Gaskiya. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yulin shekarar.

9. An haɗe Arewa da Kudu a 1960.
Ƙarya. Lugard ya haɗe su ranar 1 ga Janairu 1914. 1960 shekarar 'yancin kai ce.

10. Sa Ahmadu Bello ya taɓa zama Sarkin Musulmi.
Ƙarya. Sardaunan Sakkwato ne kuma Firimiyan Jihar Arewa daga 1954. Sarkin Musulmi na zamaninsa shi ne Sa Abubakar na Uku.

11. A Kaduna aka kashe Sardauna.
Gaskiya. A gidansa, inda Gidan Arewa yake yanzu, a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966.

12. Gidan Gwamnatin Jihar Kaduna yana ɗauke da sunan wani tsohon Gwamnan Jihar Arewa.
Gaskiya. Sa Kashim Ibrahim, mutumin Borno, ya riƙe muƙamin daga 1962 zuwa 1966.

13. Sunan "Jihar Kaduna" ya fara aiki tun 1967.
Ƙarya. Gowon ya kira ta Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967. Gwamnatin Murtala ce ta mai da ita Jihar Kaduna a 1976.

14. Katsina ta taɓa zama cikin Jihar Kaduna.
Gaskiya. Sai a Satumban 1987 gwamnatin Babangida ta cire ta ta zama jiha mai zaman kanta.

15. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya kammala wa'adinsa na gwamna.
Ƙarya. Majalisar jiha, wadda 'yan NPN suka fi rinjaye a cikinta, ta tsige shi a Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau.

Ku riƙe wannan da kyau, domin tambaya ɗaya ce mai fuska biyu. Ta tarihi: shi ne zaɓaɓɓen gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya, kuma ɗan PRP ne. Ta tsarin mulki: majalisa tana da ikon cire gwamnan da jama'a suka zaɓa, kuma idan aka cire shi mataimaki ne ke hawa, ba sabon zaɓe ake yi ba. Ko ya cancanci tsigewa ko bai cancanta ba, wannan muhawara ce da iyayenku ba su gama ba har yau, kuma ba za a tambaye ku ita a gasa ba.

16. Patrick Yakowa ya fara zama gwamna ne ta hanyar cin zaɓen gwamna.
Ƙarya. Mataimaki ne, ya hau a 2010 da aka ɗauki Namadi Sambo ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa, sai a 2011 ya ci zaɓe.

17. Kwalejin Barewa a Zariya aka kafa ta.
Ƙarya. A Katsina ta fara, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya daga 1949.

18. Jami'ar Ahmadu Bello ta girmi Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA.
Gaskiya. An buɗe jami'ar a 1962, NDA kuwa a 1964.

19. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Kano aka fara buga ta.
Ƙarya. A Zariya ne, a 1939, Abubakar Imam yana editanta.

20. Matan Arewa sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959.
Ƙarya. Maza kaɗai aka bari a Arewa a lokacin, abin da irin su Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU suka sha ɗauri a kan yaƙi da shi.

KASHI NA UKU: ƘASA BAKI ƊAYA

21. Nijeriya ta zama jamhuriya ranar da ta samu 'yancin kai.
Ƙarya. 'Yanci 1 ga Oktoba 1960, jamhuriya 1 ga Oktoba 1963. A tsakani Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa a hukumance.

22. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Shugaban Ƙasa na farko.
Ƙarya. Firayim Minista ne. Nnamdi Azikiwe ne ya fara riƙe sunan Shugaban Ƙasa.

23. Naira ta maye gurbin fam bayan an gama yaƙin basasa.
Gaskiya. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970, naira da kwabo suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 1973.

24. An mai da hedikwatar ƙasa Abuja a zamanin Murtala.
Ƙarya. Gwamnatinsa ce ta yanke shawarar a 1976, amma tashi daga Legas sai 12 ga Disamba 1991.

KASHI NA HUƊU: TSARIN MULKI DA HAƘƘIN ƊAN ƘASA

Wannan kashi ba na gasa kaɗai ba ne. Wasunku nan da shekara biyu za su kai munzalin yin katin zaɓe, kuma abin da ke nan shi zai hana ɗan siyasa ya yi muku romon baka da alƙawarin abin da ba ya cikin ikon kujerarsa.

25. Jihar da ta fi yawan jama'a ta fi yawan sanatoci.
Ƙarya. Kowace jiha sanata uku, Abuja ɗaya, jimilla 109. Majalisar Wakilai mai kujeru 360 ce ake rabawa bisa yawan jama'a.

26. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23.
Gaskiya. 23 cikin 774 na ƙasa baki ɗaya.

27. Hukumar INEC ce ke gudanar da zaɓen ciyamomi da kansiloli a Jihar Kaduna.
Ƙarya. Aikin hukumar zaɓe ta jiha ne, wadda ta yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a a zaɓen 2018. A Abuja kaɗai INEC ke yin zaɓen ƙananan hukumomi.

28. Ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar ɗan majalisar jiha.
Gaskiya. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun daga 30 zuwa 25, haka ma na Majalisar Wakilai.

29. Ɗan takarar shugaban ƙasa da ya fi kowa ƙuri'a ya ci zaɓe ke nan.
Ƙarya. Sai ya haɗa da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi, in ba haka ba a je zagaye na biyu.

30. Idan Shugaban Ƙasa ya ƙi sa hannu a ƙudiri, ƙudirin ya mutu.
Ƙarya. Majalisun tarayya biyu suna iya sake zartar da shi da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba tare da hannunsa ba.

31. Gwamna ne ke yin dokokin jiha.
Ƙarya. Majalisar Dokokin Jiha ce, mai zama a Lugard Hall; gwamna yana sa hannu ya aiwatar.

32. Tsarin mulkin 1999 ya yarda jiha ta ayyana addini ɗaya a matsayin addinin gwamnati.
Ƙarya. Sashe na 10 ya hana haka ga tarayya da jihohi, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa.

33. 'Yan sanda suna iya tsare wanda ake zargi har sai sun gama bincike, komai daɗewarsa.
Ƙarya. Sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, idan babu cikin kwana biyu, sai dai laifi mai hukuncin kisa ko kotu ta ba da izinin ƙarin lokaci.