Takardar Kula da Ciwon Tiyata a Gida, ga Mai Jego da Mai Jinyarta

Malama, wannan takarda fassara ce ta umarnin da likita ya rubuta da Turanci a katinki na sallama, na kuma ƙara bayani a wuraren da na san tambaya tana yawan tasowa. An yi miki aikin ciro jariri ranar Litinin 7 ga Afrilu, an sallame ki yau Alhamis 10 ga wata, kuma za ki dawo a duba ciwon a cire zare ranar Alhamis 17 ga wata da safe. Hajiya, tunda ku ne za ku zauna da ita, muna roƙon a karanta muku takardar gaba ɗaya, domin yankan yana ƙasan mara ne, inda ita ba za ta iya ganinsa sosai ba, ku ne za ku riƙa duba mata.

Za a sauya bandeji sau ɗaya a rana, kuma a sauya shi nan take duk lokacin da ya jiƙe, ko ya yi datti, ko filasta ta saki. Kafin a fara, a tanadi goz, wato farin ƙyallen asibiti na rufe ciwo, wanda ba a buɗe ledarsa ba, da filasta, da safar hannu sabuwa, da ruwan gishiri na asibiti wanda ake kira nomal salin a kemis, da ledar zuba shara. Idan ba a samu ruwan gishirin ba, a tafasa ruwa a bar shi ya huce a rufe. Kwalbar da aka buɗe kada ta wuce awa 24 ana amfani da ita.

Mai sauyawa za ta wanke hannu da sabulu na tsawon daƙiƙa 20 aƙalla, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ta cire zobe da awarwaro, sannan ta sa safar hannu. Mai jego ta kwanta rigingine a wuri mai haske, a kashe fanka don kada ƙura ta faɗa. A ɗaga filasta a hankali ana danne fata da ɗaya hannun. Idan goz ya manne wa ciwon, kada a fizge shi, a jiƙa shi da ruwan gishirin a jira ya saki da kansa. Kafin a jefar da tsohon bandejin, a dubi abin da ke jikinsa, a kuma lura ko yana wari. Daga nan a sake wanke hannu, a sa wata safar, a jiƙa sabon goz a goga bin layin ɗinkin daga wannan gefe zuwa wancan sau ɗaya tak, a yar, a ɗauki wani a goge fatar da ke kewaye daga kusa da ɗinkin zuwa waje. Ba a komawa kan ɗinki da goz ɗin da ya taɓa gefe. A bushe wurin da busasshen goz ta hanyar dannawa a hankali, a ɗora sabo ana riƙe da bakinsa kawai, a manne gefe huɗu. Auduga ba ta dace a kan ciwon ba, domin zarenta yana maƙalewa a ɗinki.

Muna cikin bazara, kuma zufa tana taruwa a ƙarƙashin tumbi daidai inda yankan yake, saboda haka a riƙa ɗaga fatar wurin a hankali yana shan iska, a sa sutura mai sakin jiki, a kuma ɗaura zane sama da ɗinkin. Za ki iya yin wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi ba tare da cuɗa wurin ba, sannan a sauya bandeji da zarar kin fito. Hajiya, mun san matsayin wankan jego a gidajenmu, amma muna roƙon ku da girmamawa kada a fyaɗa mata tafasasshen ruwa da ganye a ciki, kada a gasa wurin, kada kuma a ɗaure cikin tamau, har sai likita ya ga ciwon ya haɗe. Fatar da ke kusa da yankan takan yi kamar ta mutu na ɗan lokaci, tana iya ƙonewa ba tare da mai jego ta ji ba. Haka nan kada a shafa man shanu, ko man kaɗanya, ko hoda, ko garin magani na gargajiya, kada a fasa kafso a barbaɗa, kuma kada a zuba sifirit ko aidin idan ba likita ne ya rubuta ba.

Akwai abubuwan da ba na tashin hankali ba ne: ɗan kumburi a bakin ɗinki, ɗan ruwa garai-garai ko mai ratsin jini kaɗan a kwanakin farko, ƙaiƙayi, da ciwon da kullum yake raguwa. Abin da muke so ku riƙe shi ne, ciwon da yake warkewa yana sauƙi kowace rana, don haka duk ranar da ya fi jiya tsanani, a ɗauka cewa ƙwayoyin cuta sun shiga har sai an duba. Sau da yawa hakan yakan bayyana ne a makon farko ko na biyu, bayan an koma gida, amma yana iya zuwa kowane lokaci cikin kwana 30 bayan aiki.

A kawo ta asibiti a ranar, ba tare da jiran 17 ga wata ba, idan zogi ya ƙaru maimakon ya ragu, ko wurin ya yi tauri ya kumbura, ko aka ga mugunya fara, ko rawaya, ko koriya, ko bandeji ya fara wari, ko bakin ɗinkin ya buɗe ko da kaɗan ne. Takardar Turanci ta ambaci jan fata, amma a jikinmu jan ba ya fitowa fili kullum. Abin da za ku gani shi ne fatar ta ƙara duhu tana sheƙi, kuma idan kun ɗora bayan hannu mai tsabta a gefen ciwon sannan kun ɗora a cinya, za ku ji gefen ciwon ya fi zafi. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'auni shi ma dalili ne na dawowa. Kada a ce maleriya ce a sayo magani a kemis, domin farasitamol yana sauke zafin jiki alhali mugunya tana ci gaba da taruwa a ciki. Jinin biƙi mai ɗoyi tare da ciwon mara yana nuna cutar tana iya kasancewa a mahaifa.

Idan kuwa ta fara makyarkyata, ko numfashinta ya yi sama-sama, ko ta rikice tana maganar da ba kan gado, ko fitsari ya ɗauke, to, cutar tana iya shiga jini ke nan, kuma wannan ba ya jiran gari ya waye. A tafi ɗakin gaggawa mafi kusa ko da tsakar dare ne, kamar na Asibitin Murtala ko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan jini ya ɓalle daga ɗinkin, a danne da goz mai tsabta na minti 10 ba tare da ɗagawa ba. In bai tsaya ba a tafi ana danne da shi. Idan ciwon ya buɗe har ana ganin na ciki, a rufe da goz jiƙaƙƙe da ruwan gishirin, kada a tura komai ciki, kada a ba ta abinci ko ruwa, a ɗauke ta a kwance.

Ki shanye magungunan da aka rubuta miki a kan lokacinsu har su ƙare. Ki riƙa ɗan takawa a tsakar gida, ki ci nama, ƙwai, wake da kayan marmari, ki danne mara da matashi in za ki yi tari ko atishawa, kuma kada ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi har mako 6. Ranar suna, Litinin 14 ga wata, a sauya bandeji da sassafe kafin gida ya cika, kuma kada a buɗe ciwon don 'yan barka su gani. Ranar dawowa ku zo da wannan takarda da katin sallama da ragowar magunguna.

Allah ya ƙara sauƙi, ya raya abin da aka samu.

Daga ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin masu jego