Zuwa ga Mahaifiyar Hauwa, Game da Lissafin Ɗebewa

Assalamu alaikum, Hajiya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu saƙonki, kuma na fahimci damuwar da kika shiga ganin jan biro ya cika takardar jarrabawar Hauwa. Na zauna na bi tambayoyi 20 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar guda 9 da ta faɗi duk kuskure ɗaya ne yake maimaita kansa.

A 52 − 38 ta rubuta 26, alhali amsar ita ce 14. A 403 − 127 ta rubuta 324 maimakon 276. Amma 86 − 43 ta ci, haka ma duk tambayar da lambobin sama suka fi na ƙasa girma. Da na ce ta yi mini lissafin farko da baki, sai ta ɗora yatsa a gidan ɗaiɗai ta ce, "Biyu ba za ta iya ba da takwas ba, sai a cire biyu daga takwas." Ashe ta riƙe ƙa'idar da ta ji tun tana ƙaramin aji, cewa ba a ɗebe babba daga ƙarami, don haka duk inda lambar ƙasa ta fi ta sama sai ta juya su, tana ɗaukar kowane gida a matsayin lissafi mai zaman kansa. Ba ta riga ta gane cewa 5 ɗin da ke cikin 52 hamsin ce, wadda za a iya warware goma ɗaya daga cikinta a kai gidan ɗaiɗai ba.

Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin yarinyar da ta bi hanya ɗaya sau tara ba tare da ta kauce ba tana mai da hankali ga aikinta.

Jiya mun ɗaure tsinkaye goma-goma, ɗauri biyar da guda biyu a gefe, na ce ta ba ni 38. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan da kanta ta kwance ɗauri ɗaya, tsinkayen gefe suka zama 12, ta ƙirga abin da ya rage ta samu 14. A kan haka za mu tsaya mako biyu kafin mu koma aro a rubuce.

Roƙona, Hajiya, kada a ƙara mata tarin tambayoyi a gida yanzu, saboda yawan maimaitawa zai ƙara dasa mata tsohuwar hanyar. Tambaya biyu sun isa kowace rana, kuma idan ta gama, ki sa ta tara amsarta da lambar da ta ɗebe. Idan ta tara 26 da 38 ta ga 64 maimakon 52, ki bar ta ta nemo dalilin kafin ki gyara mata.

Zan kawo miki littafinta ranar Asabar mu duba tare.

Wassalam,
Malamin Hauwa na lissafi