Rahoto Ga Masu Tallafa Wa Gidauniyarmu: Abin da Tallan Intanet Ya Haifar a Watan Ramadan

Bayan gaisuwa da godiya, ga bayanin yadda kuɗin talla suka koma sadakar ciyar da marayu a cikin garin Sakkwato.

Mun kashe naira 300,000 a Facebook da Instagram, kuma gudummawar da ta shigo ta hanyar tallan ta kai naira 1,350,000, wato kowace naira ɗaya ta jawo naira huɗu da kwabo hamsin. Ba mu saka abin da aka kawo ofis hannu da hannu ba, domin ba mu da tabbacin talla ce ta jawo shi.

Tallar da ta fi albarka ita ce gajeren bidiyon da aka ɗauka da waya a Mabera, inda mata ke kwashe kunu daga tukunya gab da shan ruwa. Naira 120,000 ta ci, amma ta kawo 810,000, mafi yawa a goman ƙarshe, daga 'yan jiha mazauna Abuja da Legas. Hotuna masu rubutun Turanci kuwa sun cinye 180,000, suka kawo 540,000, duk da cewa mutane da yawa sun danna su. A ganinmu mun yi jinkirin dakatar da su, kuma baɗi rabonsu zai koma ga bidiyon Hausa.