Tsarin hira da dattijon marini, Ƙofar Mata a Kano: takardar aiki ga mai tambaya, masu kyamara, mai sauti da mai tacewa

Rana: Talata. Isowa ƙarfe 7:30 na safe, fara ɗauka 8:30, a tashi kafin 10:30.

Muryar mai tambaya ba za ta fito a fim ɗin ba, kuma babu mai sharhi daga baya. Saboda haka duk abin da mai kallo zai sani game da rini, daga bakin dattijon nan zai ji shi. Kowace amsa dole ta tsaya da ƙafarta, wanda bai ji tambayar ba ya gane ta. A kan wannan aka gina sauran abin da ke cikin takardar nan.

Wuri da lokaci

An zaɓi safiya ne don rana ba ta yi sama ba, kuma hayaniyar adaidaita sahu a titi ba ta kai ta hantsi ba. A zaunar da shi a inuwar rumfa, ramukan rini suna bayansa da tazarar kamar mita 4. Kada rabin fuskarsa ya kasance a rana: cikin awa ɗaya inuwa za ta matsa, kuma amsar minti na 5 ba za ta haɗu da ta minti na 50 ba. A roƙi masu bugun zanen da aka rina su dakata na awa ɗaya da rabi, a biya su ladan lokacinsu. Bugun yana da daɗin ji, amma idan yana ƙarƙashin magana, duk inda aka yanka sai kiɗan ya yi tsalle, kunne kuma ya kama. Za a ɗauke shi daban bayan hira.

Ya zauna a kan abin da ya saba zama, ba kujerar roba mai ƙara ba. Mai tambaya ya zauna daidai da shi ko ƙasa kaɗan, kansa dab da gilashin babbar kyamara. Kowa ban da mai tambaya ya kauce wa idon dattijon, domin mutum mai ladabi yana raba kallonsa ga duk wanda ke sauraronsa, sai idonsa ya yi ta yawo a hoto.

Kayan aiki

Kyamara biyu, dukansu a 25 fps da 1/50. Babba ta ɗauko daga ƙugu zuwa sama, ƙarama ta ɗauko fuska, a gefe guda da babbar amma a karkace da aƙalla digiri 30. Idan kusurwar ta gaza haka, yanka daga wannan zuwa waccan zai yi kama da kuskure. Ba a matso da hoto ko janye shi yana cikin magana. In za a canza, a yi lokacin da ake tambaya.

Sauti a 48 kHz, ƙololuwarsa wajen -12 dB. Ƙaramin makirfo a ƙirji, taki ɗaya ƙasa da haɓa, sannan na sanda daga sama a layi na daban. A lura da rigarsa: shadda mai sitati tana ƙara duk lokacin da ya ɗaga hannu, to a maƙala makirfon a waje, a naɗe wayarsa ƙaramin zobe a manne. Carbi ma yana shiga sauti. Ba a ce wa dattijo ya ajiye carbinsa kai tsaye. A miƙa masa ƙyallen da aka rina ya riƙe, hannun zai samu abin yi, hoton ma ya fi kyau. Wayoyi duka a kashe. A yi tafi ɗaya a gaban kyamarorin biyu duk lokacin da aka kunna, don daidaita sauti da hoto.

Kafin tambaya ta farko

A yi gaisuwa cikakkiya, kyamara tana aiki, ba tare da an yi shelar an fara ba. Kada kowa ya ɗaga murya da kirarin masu fim. Sannan a nemi izininsa a cikin ɗauka: ya faɗi sunansa yadda yake so a rubuta, ya ji inda za a nuna fim ɗin, ya amince da bakinsa. Daga nan mai tambaya ya faɗa masa wannan, da kalmominsa:

“Baba, akwai abin da zan nemi afuwa a kai tun yanzu. Idan kuna magana ba za ku ji na ce na'am ko haka ne ba, kai kawai zan riƙa gyaɗawa. Ba rashin ladabi ba ne, na'urar ce take kwashe muryata ta haɗa da taku. In kun gama kuma zan ɗan yi shiru kafin in sake tambaya. Ku ɗauka jikanku ne da bai taɓa ganin marina ba ya zo neman sani.”

Wannan bayanin ba a tsallake shi. Bahaushe ba ya magana da bango: in bai ji ana amsa masa ba, sai ya ɗauka an gaji da shi, ya taƙaita. Shi kuma mai tambaya, “to” da “ƙwarai” za su yi ta zuwa bakinsa ba da saninsa ba, kuma duk wadda ta hau kan kalmar ƙarshe ta dattijon ta lalata wurin yanka. Bayan kowace amsa a ƙirga uku a zuci. Shirun yana ba mai tacewa wurin sa almakashi, kuma sau da yawa a cikinsa ne mutum yake ƙaro maganar da ta fi wadda ya gama.

Yadda za a sa tambaya

Akwai masu cewa a umarci mutum ya maimaita tambaya a cikin amsarsa. Da dattijo irin wannan dabarar ba ta aiki. Zai yi sau biyu kamar mai karatun allo, ya manta, kuma daga nan muryarsa ta daskare. Abin da ya fi shi ne a gina tambayar yadda ba za ta amsu da kalma ɗaya ba. “Shekara nawa kuka yi kuna rini?” amsarta “hamsin” ce, ba ta da amfani. “Ku ba ni labarin ranar da aka fara kawo ku marina” za ta kawo shekarun, da wanda ya kawo shi, da abin da ya gani. A fara da “ku ba ni labarin”, “ku kwatanta mini”, “yaya ake”. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, don in aka haɗa biyu ta ƙarshen kawai zai amsa.

Ga jerin. Mai tambaya ya haddace shi, kada ya riƙe takarda.

Minti 10 na farko, abin da hannunsa ya sani: Ku kwatanta mini yadda ake haɗa rami tun yana fanko. Me baba yake yi a ciki, me toka take yi, ina katsi yake shigowa? (Waɗannan uku ne, a yi su ɗaya bayan ɗaya.) Yaya kuke gane rini ya nuna? Me ke sa rami ya lalace?

Minti 20 na tsakiya, rayuwarsa: ranar farko a marina, wanda ya koya masa da irin horonsa, kayan farko da ya rina shi kaɗai, su wa ke zuwa saye a lokacin, musamman Buzaye da fataken da ke kai kaya arewa.

Minti 15 na gaba, mai nauyi: ramukan da aka daina amfani da su; zuwan rinin kanti da atamfar waje; ko matasan gidan suna koyo. Ba a fara hira da wannan, kuma ba a rufe ta da shi.

Rufewa: Me kuke ji idan kuka ɗago zane daga rami yana kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi? Sannan: Akwai abin da ban tambaya ba da ya kamata a sani?

Idan ya ambaci 1498, shekarar da ake cewa an kafa marinar, a bar shi ya faɗa, sannan a tambaye shi abin da ya ji daga bakin iyayensa. Wancan jawabin maziyarta ne, ya faɗe shi sau ɗari, kuma ana jin haddar a muryarsa. Saboda wannan dalilin ne ma a ziyarar share fage ta ranar Litinin ba za a bari ya ba da labaransa ba. A ji kanunsu kawai, a ce “wannan sai gobe, Baba”. Labari a karo na biyu yakan zo da “kamar yadda na gaya maka jiya”, wanda ba ya shiga fim.

Kada a nemi ya ambaci sunan ɗansa na fari. Zai yi kunya, ya kauce, kuma sanyin zai bi amsoshi biyu ko uku na gaba.

Gyara a wurin, ba a ɗakin tacewa ba

Matsalar da ta fi yawa ita ce “shi”, “ita”, “wannan”, “can”. Zai ce “shi ne ya hana ni taɓa shi sai da na shekara uku”, kuma mai kallo bai san wa ya hana ba, bai san me aka hana ba. Kada a katse shi. A bari ya sauka, a ce: “Baba, na ɗan ɓace, wa ya hana ku taɓa me?” Laifin ya zama na mai tambaya, shi kuma zai sake faɗa da cikakkun sunaye. Haka za a yi idan babur ya ratsa tsakiyar jimla mai kyau: mai sauti ya ɗaga yatsa a bayan dattijon, mai tambaya ya ce ƙara ta hana shi ji. Ba a cewa “ku maimaita yadda kuka faɗa”. Kada a wuce irin wannan gyaran sau 5 ko 6 a duk hirar.

Kalmar baba ma a kula da ita. A nan tana nufin ganyen rini, tana kuma nufin mahaifi. Kunne yana rarrabewa, amma wanda zai rubuta fassarar ƙasan hoto daga takarda zai iya ruɗewa, to mai rubuta hirar ya sa alama a duk inda ake nufin ganyen.

Ga mai tacewa: jimlar Hausa tana gangarowa ne zuwa ƙarshenta, saboda haka in aka yanke ta a tsakiya muryar tana rataye, kowa zai ji an datse. A nemi wurin da ya sauke murya ya ja numfashi. A kiyaye “ba” ta ƙarshe a jimlar korewa, kada ta tafi tare da numfashin. Ana iya cire “wato” da “ka gane”, amma ba duka ba, don su ne tafiyar maganarsa. Ba a ɗauko rabin jimla daga wata amsa a liƙa wa wata don ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Bayan tambaya ta ƙarshe

Kada a kashe kyamara sai an cire masa makirfo. In ya faɗi abu mai amfani a lokacin, a nemi izininsa kafin a sa. Amma kafin a cire makirfon, kowa ya tsaya cik a ɗauki shirun wurin na daƙiƙa 60, makirfo yana inda yake, don cike giɓin yanka. Mai tambaya ya ba masu kyamara jerin abubuwan da dattijon ya ambata, a ɗauki kowanne aƙalla daƙiƙa 10 ba motsi: hannayensa, kumfar bakin rami, toka, zane yana sauya launi, ramukan da aka bari, sai masu bugu da sautinsu. A kwafe katunan wuri biyu kafin a bar Ƙofar Mata, da suna iri ɗaya:

```
marina_hira01_kyamaraA
marina_hira01_kyamaraB
marina_hira01_sauti
```