Akwatin Lamba 318

Ruwan la'asar bai daɗe da ɗaukewa ba lokacin da tasi ta sauke Mista Yansen a ƙofar otal ɗin, can ta wajen Adabraka a birnin Akra. Mutumin Holand ne, mai sayen man kaɗanya, ya dawo daga Tamale bayan kwana uku. Ya gaisa da Rukayya a teburin karɓar baƙi, ya miƙa mata rabin tikitin ajiya mai lamba 318, ya karɓi mabuɗin ɗakinsa. Baba Awudu ya shiga sito ya turo masa baƙin akwati mai ƙafa huɗu har ɗaki.

Ba a yi minti goma ba sai ga baƙon ya sauko yana jan akwatin, fuska ta yi ja.

"Wannan ba nawa ba ne!" ya ce da Turanci. "Lambar makullina ba ta buɗe shi. An musanya mini. Wannan mutumin na ba wa kayana, shi zai faɗa mini inda suke."

Baba Awudu ya tsaya cik. Shekara 14 yana ɗaukar kayan baƙi a nan, ko allura ba a taɓa cewa ta ɓata a hannunsa ba. Ya dubi Rukayya ya ce da Hausa, murya na rawa, "'Yata, wallahi shi ne wanda ya ba ni."

"Na sani, Baba. Ɗauko mini littafin sito kawai."

Ta zagayo daga bayan tebur, ta nuna wa baƙon kujera, ta sa aka kawo masa ruwan sanyi. Ba ta yi masa musu ba, ba ta kuma ba shi haƙuri a kan laifin da ba a tabbatar ba tukuna. Tambaya ta yi: me ke cikin akwatin, kuma yaushe ne ƙarshen buɗe shi da ya yi?

Ya ce kwat ɗinsa na taron gobe da takardun kwangila na ciki. Batun buɗewa kuwa, sai ya ɗan yi jim. Tun a gida ya rufe shi. Jirginsa ya sauka da dare, ya kwana, da asuba ya wuce Tamale da 'yar jakar hannu.

"Ashe ba ka buɗe shi a Gana ba ko sau ɗaya," in ji Rukayya a hankali.

Baba Awudu ya kawo littafin. Ta buɗe shafin Litinin: ƙarfe 5:10 na asuba, akwati ɗaya, baƙi, ga sa hannun baƙon, ga na Baba Awudu. Ta ɗauki rabin tikitin da ya ba ta, ta haɗa da ɗaya rabin da ke ɗaure a hannun akwatin. Lamba ɗaya ce, yagar ma ta zauna daidai, baki da baki. Tun ranar babu wani baƙin akwati da ya shiga sito ko ya fita.

"To tikiti ai ana iya cire shi a ɗaura wa wani," ya ce.

"Gaskiya ne. Shi ya sa ba a kansa zan tsaya ba. Ina fasfonka da takardar shiga jirgi?"

A bayan takardar akwai ɗan manne da ake ba fasinja lokacin da ya auna kaya. Mutane da yawa suna yar da shi da zarar sun sauka, alhali shi kaɗai ne shaidar da ke haɗa mutum da akwatinsa. Rukayya ta durƙusa ta miƙar da doguwar farar takardar da kamfanin jirgi ya liƙa a hannun akwatin. An buga ACC, alamar filin jirgin Akra, da manyan haruffa, lambar jirgin ɗaya ce, ranar ma ɗaya. Amma lambar kayan, mai alƙaluma goma, a nan ta ƙare da 4471, a mannensa kuwa 4438. Ta duba ƙaramin mannen da ake liƙawa a gefen akwati don ko doguwar ta tsinke, shi ma 4471. A ƙasa, da ƙananan haruffa, sunan wani ne daban.

Ba ta ce komai ba. Ta ajiye masa takardun biyu gefe da gefe, ta bar shi ya karanta da idonsa.

Ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Daga filin jirgi na ɗauko shi," ya ce, murya ta yi ƙasa.

"Baƙaƙen akwatuna sun yi yawa a kan bel, ga dare, ga gajiya. Yanzu abin da ya fi muhimmanci, kada ka sake taɓa makullin nan. In aka fasa shi, duk abin da mai shi ya ce ya ɓata, kai za a tambaya."

Ta kira ofishin kayan fasinja na tasha ta uku a filin jirgin Kotoka. Sau biyu ba a ɗauka ba, a na uku wata mata ta amsa. Rukayya ta karanta mata lambobin biyu ɗaya bayan ɗaya, da lambar jirgi da ranar sauka. Aka yi shiru, ana jin ƙarar maɓallan kwamfuta. Can matar ta ce akwatin 4438 yana wurinsu tun daren Lahadi, shi kaɗai ya rage yana zagaye a kan bel bayan kowa ya watse. Mai 4471 kuwa ya cike takardar ɓatan kaya a daren, kullum yana kira. Sun yi ta neman Mista Yansen a lambar da ke jikin tikitinsa ba ta shiga. Lambar Turai ce, shi kuwa ya cire layin ya sa na Gana.

Rukayya ta rubuta masa abin da zai riƙe: fasfo, takardar shiga jirgi da mannen, sai akwatin a kulle yadda yake, ba tare da cire ko takarda ɗaya daga jikinsa ba. Ta gaya masa da kansa zai je, domin sai ya sa hannu, kuma 'yan kwastan na iya cewa ya buɗe nasa a gabansu. Ta ɗauki hoton takardun biyu da wayar otal, ta rubuta abin da ya faru a littafin miƙa aiki, da lokaci da sunan matar da ta amsa waya. Sannan ta kira direban otal.

"Malam Sani, ku tashi yanzu kafin masu tashi daga aiki su cika hanya. Ka jira shi, kada ka baro shi can."

Mista Yansen ya miƙe ya nufi Baba Awudu, wanda har yanzu yake tsaye rungume da littafin. Ya ciro kuɗi daga aljihu. Rukayya ta ɗan girgiza kai.

"Ka fara da magana," ta ce masa a hankali. "A gaban mutane ka faɗi waccan, ka faɗi wannan ma a gabansu."

Ya mayar da kuɗin. Ya ɗaga murya yadda mai gadi da baƙi biyun da ke zaune za su ji, ya ce shi ne ya yi kuskure, yana neman afuwa. Rukayya ta fassara wa Baba Awudu kalma da kalma, ko da yake ya ji.

"Ba komai, ya wuce," in ji tsohon. Ya kama hannun akwatin ya tura shi zuwa mota.

Bayan isha'i suka dawo da wani baƙin akwati, kamarsu ɗaya da na farko har ƙafafu. Kafin a hau da shi, Baba Awudu ya shiga sito ya fito da guntun jan ƙyalle, ya durƙusa ya ɗaure shi a hannun akwatin, ƙulli biyu.