Takardar Neman Sake Tsarin Biyan Bashi

Alhaji Mahamadu Salisu
Mai motar dakon kaya
Tawa, Jamhuriyar Nijar

Litinin, 11 ga Nuwamba 2024

Zuwa ga Darektan Banki, Reshen Tawa

Dalilin takarda: neman a sake tsara biyan bashin mota, dosiye mai lamba 0417/23

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, na rubuto ne a kan bashin sefa miliyan 12 da bankinku ya ba ni a watan Maris na 2023, wanda na haɗa da kuɗina na sayi babbar motar dakon kaya. Mun yi yarjejeniya zan biya cikin wata 36, sefa 390,000 ranar 25 ga kowane wata. Daga Afrilu 2023 zuwa Satumba 2024 na biya wata 18 cur, babu wanda ya yi latti, kuma littafinku zai shaida. A watan Oktoba ne kawai na kawo 200,000, saura 190,000 a kaina. Ina roƙon banki ya rage abin da nake zubawa a wata, ya kuma tsawaita mini wa'adi, domin samuna ya faɗi ƙasa da rabin yadda yake a lokacin da muka sa hannu.

Lissafin da na kawo muku a 2023 an gina shi ne kan hanya ɗaya. Motar tana lodin albasa a Galmi da Madawa, ta bi Kwanni, Dogon Dutsi, Doso, ta tsallaka gadar Gaya zuwa Malanbil a ƙasar Benin, ta sauke a Kwatano, sannan ta dawo da shinkafa ko man girki na ƴan kasuwar Tawa. Zuwa da kaya, dawowa da kaya. In an cire gazuwal, albashin direba da yaron mota, kuɗin hanya da gyara, abin da ke saura a hannuna yana kai 700,000 a wata, wani lokaci ya zarce. Biyan 390,000 a kan wannan samu ba nauyi ba ne, shi ya sa na amince da shi ba tare da jayayya ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, SEDEYAWO, ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairu na bana, iyakarmu da Najeriya ta buɗe, amma gadar Gaya har yau manyan motoci ba sa ratsa ta. Hanyar da ta rage zuwa teku ita ce ta Lome, ta Tera da garuruwan Dori da Kaya na Burkina Faso, inda sai an jira ayari da rakiyar soja. Jiran kan ɗauki makonni. Mai shinkafa zai iya haƙura da wannan, mai albasa ba zai iya ba, domin albasar da ta kwana ta tashi cikin zafi a bayan mota, rabinta zubarwa ake yi. Ga kuma ran direba, wanda uban ƴaƴa ne, ban ga kuɗin da zai sa in riƙa tura shi wannan hanya ba. Saboda haka motar ta koma jigilar cikin gida: Galmi zuwa Yamai, Tawa zuwa Agadas, wani lokaci Kwanni. Motocin da a da suke zuwa Kwatano duk nan suka dawo, kuɗin dako ya karye, kuma sau da yawa ana dawowa wayam. Ragin da gwamnati ta yi wa farashin gazuwal a watan Yuli, daga 668 zuwa 618, ya taimaka, amma bai cike giɓin ba. A wata shida na baya-bayan nan, abin da ke shigo mini bai wuce 330,000 a wata ba.

Za ku iya tambaya yadda na ci gaba da biya fiye da shekara guda bayan rufe iyaka. Da ajiyata na riƙa cikawa, da ta ƙare na sayar da shanu huɗu da nake kiwo a ƙauye. Yanzu babu sauran abin sayarwa sai motar kanta, ita kuwa da ita ake neman kuɗin biyanku. In aka kai ta kasuwa a wannan yanayi da masu mota ke neman kai da nasu, ba na jin za ta yi kuɗin da zai rufe bashin, ni kuma in rasa sana'a.

Bisa takardar jadawalin biya da ke hannuna, uwar kuɗin da ta rage wajen miliyan 6 da dubu 300 ce, har da ragowar Oktoba. Ga abin da nake nema. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu 2025, wata huɗu ke nan, a bar ni in biya kuɗin ruwa da na inshorar bashin kawai, wanda a lissafina ba zai kai 60,000 a wata ba. Waɗannan su ne watannin da albasar rani take gona, aiki ya fi ƙaranci. Daga Maris 2025, lokacin da ake fara cire ta da yawa, a raba abin da ya rage a kan wata 36 maimakon wa'adin da zai cika a Maris 2026. Na auna zai kama wajen 205,000 a wata. Akantanku ya fi ni sanin adadin dalla-dalla, kuma na san tsawaita wa'adi yana ƙara yawan ruwan da zan biya a jimlace. Na yarda da hakan. Abin da nake roƙo a kai shi ne kada a ɗaga kason ruwan da muka yi yarjejeniya tun farko, a kuma yafe tarar lattin watan Oktoba.

Ina so a rubuta cikin sabuwar yarjejeniyar cewa zan iya zuba fiye da ƙa'ida a duk watan da Allah ya hore, ba tare da an ci ni tara ba. Ranar da aka buɗe gadar Gaya, ni ma ba zan so in ja bashin nan har 2028 ba.

Alƙawarin 205,000 ba da ka na yi shi ba. Tun da aka rage farashin siminti a watan jiya saboda gidajen da ruwan bana ya rushe, lodi ya ƙaru a Malbaza. Na ƙulla yarjejeniya ta shekara guda da wani dillalin siminti a nan Tawa, motata za ta riƙa ɗauko masa kaya sau huɗu a wata. Na amince ya riƙa zuba kuɗin dakon kai tsaye cikin asusuna na bankinku, ku cire naku kafin in taɓa sauran. Jinginar da kuke riƙe da ita, wato takardun motar da takardar filina, tana nan yadda take, kuma inshorar motar tana aiki har watan Afrilu.

Na haɗo da kwafin yarjejeniyar bashin, da bayanin shige da ficen asusuna daga Janairu 2023 zuwa yau, da littafin tafiye-tafiyen motar, da kwafin yarjejeniyar siminti. Idan kuna son ganin motar, tana kwana a garejinmu a nan cikin gari duk ranar Juma'a.

Biya na gaba zai faɗo ranar 25 ga wannan wata. Ina roƙon a sa mini ranar zama da kai ko da jami'in da ke riƙe da dosiyena kafin wannan rana, don kada wani sabon latti ya hau kan na Oktoba alhali magana tana gabanku. Idan hukuncin sai ya fito daga babban ofishinku na Yamai, ina neman a dakatar da lissafin tara har amsa ta iso, kuma a ba ni ita a rubuce.

Allah ya ƙara girma, ya sa mu ji alheri.

Naka cikin girmamawa,

Alhaji Mahamadu Salisu